Yadda Ake Rage Nauyin Saƙon Murya Ba Tare da Maganar ta Dushe ba

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Kunci, Tsanyawa da Bichi, saƙon murya ya fi rubutu tafiya. Manomi yana aika wa dillalinsa na Dawanau tambayar farashin riɗi da baki, malamin gona yana bayanin feshi da baki, shugabar ƙungiyar mata tana sanar da ranar taro da baki. Amma da zarar an bar bakin kwalta, sau da yawa harafin da ke saman waya yakan sauka daga 4G ya koma E, kuma a nan ne saƙo mai nauyi yake maƙalewa yana ta juyi har batir ya mutu.

Na rubuta wannan jagora ne saboda kurakurai uku da nake ta gani wajen matasan da ke ɗaukar wa jama'a murya. Na farko, a naɗi magana da rikodar waya a kan saitinta mafi nauyi, a tura ta yadda take. Na biyu, a matse fayil fiye da kima har dattijo ya kasa bambance biyu da biyar. Na uku, a ɗauki murya cikin hayaniya, sannan a sa rai wata manhaja za ta gyara ta. Abin da nake so ka riƙe shi ne: nauyin saƙo yana hannun lissafi, amma fitar magana tana hannun wanda ya ɗauke ta tun farko. Idan ɗauka ta yi kyau, za ka iya rage nauyi ninki goma mai sauraro bai rasa kalma ɗaya ba.

Kayan da kake bukata

Kana bukatar wayar Android, ko Tecno ce, ko Itel, ko Infinix, mai sarari a cikinta da isasshen caji. Kana bukatar ɗaki ko zaure mai shiru. Kana bukatar manhajar rikoda wadda ke ba da damar canza saiti, da kuma manhajar sauya fayil wadda ke aiki ba tare da data ba. A nan zan yi amfani da ffmpeg a cikin Termux, domin kyauta ce kuma tana yin daidai abin da aka umarce ta, amma duk manhajar da ta ba ka zaɓin Mono da zaɓin adadin kbps za ta yi aikin. Sai abu na ƙarshe wanda mutane suka fi mantawa: ƙaramar waya mai madannai, irin wadda yawancin dattawa ke riƙewa, domin gwaji.

Mataki na 1: Koyi lissafin nauyi

Abu biyu ne kawai ke yanke nauyin fayil ɗin sauti: tsawon maganar, da yawan bayanan da ake ajiyewa a kowace daƙiƙa. Na biyun shi ne lambar da za ka gani da kbps a gefenta. Lissafin ga shi:

```
KB = kbps × daƙiƙa ÷ 8
```

Rikodar wayoyi da yawa tana ɗauka a kan kbps 128 ko kusa da haka, wato ma'aunin da aka saba yi wa waƙa. Minti ɗaya a haka kilobayit 960 ne, kusan megabayit guda. Idan kuma ka zaɓi WAV mai ingancin faifan CD, minti ɗaya ya haura megabayit 10. Amma maganar mutum ɗaya a tsarin Opus a kan kbps 16 tana fita sarai, kuma minti ɗaya kilobayit 120 ne kacal.

Dalilin wannan tazara shi ne muryar ɗan Adam ba ta da faɗin kiɗa. Kiran waya na gargajiya yana ɗaukar sautin da ke tsakanin 300 zuwa 3,400 a ma'aunin Hz ne kawai, kuma da shi duniya ta yi shekaru tana ciniki da gaisuwa. Duk abin da ka ajiye fiye da bukatar kunne, data ce kake ɗora wa wanda zai sauke. Wanda ya san wannan lissafi yakan san nauyin saƙonsa tun kafin ya danna rikoda.

Mataki na 2: Zaɓi hanyar ɗauka tun kafin a fara

Idan saƙon gajere ne, na minti ɗaya zuwa uku, kada ka wahalar da kanka: danna makirfon WhatsApp ka yi magana. WhatsApp yana naɗar saƙon murya da Opus ne, tsarin da aka tabbatar da ƙa'idarsa a 2012 kuma aka gina shi da magana ta intanet a rai, don haka saƙon yakan fito da sauƙin nauyi tun asali. Ja makirfon sama ya kulle don hannunka ya huta, ka yi amfani da maɓallin dakatarwa idan babur ya zo wucewa, sannan ka saurara kafin ka tura.

Matsalar tana tasowa ne a kan dogon abu: bayanin malamin gona, karatun malami, sanarwar hakimi, zaman ƙungiyar manoma. Irin wannan da rikoda ake ɗauka, sannan a haɗa shi a tura. WhatsApp yakan matse hoto da bidiyo kafin ya aika, amma fayil ɗin sauti da ka ɗauko daga cikin waya yakan tafi da nauyin da ya zo da shi. Mutane da yawa ba su san haka ba, shi ya sa suke mamakin saƙon da ya ƙi tafiya.

Kuskure mafi tsada shi ne ɗaukar bidiyon mutum yana zaune yana magana, alhali maganar kawai ake so. Mafi yawan nauyin bidiyo na hoto ne. Idan ba abin da za a nuna wa ido, kamar ganyen da tsutsa ta ci, to ɗauki murya kawai, ka tura hoto guda daban.

Mataki na 3: Ɗauki murya mai tsabta

Wannan mataki ya fi duk sauran muhimmanci a wurina. Manhajar matse sauti tana da ɗan kason bayanai ne a kowace daƙiƙa, kuma ba ta san wanne ne malam wanne ne janareta ba. Idan akwai ƙarar injin niƙa a baya, za ta raba kason tsakanin injin da mai magana, sai muryar ta fito tana rawa kamar daga cikin ruwa. Idan kuwa murya ce kaɗai, kason duka nata ne. Shi ya sa ɗauka mai tsabta a kan kbps 12 takan fi ɗauka mai hayaniya a kan kbps 32 fita.

Nemi ɗakin ƙasa mai tabarma, katifa ko buhunan hatsi, domin waɗannan suna shanye amsa-kuwwa. Ɗakin siminti da ba kowa a ciki yana dawo da murya, rufin kwano kuma idan ruwan sama ya sauko ba abin da za a ji. Kashe fanka. Guji shagon cajin waya, inda janareta ba ya hutawa. Idan dole sai a gona, mai magana ya juya wa iska baya don jikinsa ya kare wayar, musamman lokacin hunturu.

Riƙe wayar kimanin taƙi ɗaya daga bakin mai magana, ka ɗan karkatar da ita gefe don hucin baki kada ya bugi makirfo. Makirfon yawancin wayoyi yana ƙasa ne kusa da ramin caji, don haka kada yatsa ya toshe shi. A wurin taro, kada ka ɗauka daga bakin lasifika. Ƙararta takan fi ƙarfin makirfon waya, sautin ya fashe, kuma sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Ka roƙi izini ka ajiye wayar kusa da mai jawabin.

A saitin rikoda, zaɓi Mono idan akwai, domin baki ɗaya ne ke magana. Amma kada ka zaɓi mafi ƙanƙantar inganci a wannan mataki. Ɗauki asali mai kyau, matsewa tana gaba.

Mataki na 4: Rage tsawon maganar

Yanke minti ɗaya ya fi kowace dabara aminci, domin ba ya taɓa ingancin abin da ya rage. Kafin a fara ɗauka, zauna da mai magana ku tsara abubuwa uku ko huɗu da zai faɗa. Sallama da gaisuwa haƙƙi ne, ba za a tura wa dattawa saƙo babu su ba, amma gaisuwa ɗaya mai kyau ta wadatar. Abin da ake yankewa shi ne gyaran kujera, jiran wanda ya makara, tari, da hirar da ta biyo bayan addu'ar rufewa.

Ka kuma roƙi mai magana ya maimaita kowace lamba da kowane suna sau biyu, a hankali. Ga dalili. Matsewa ba ta cika taɓa wasula da hawa da saukar murya ba, amma takan fara cin baƙaƙe masu siririn sauti irin su s, sh, ts da f, da kuma ƙarshen kalma. A nan ne sha biyu da sha biyar suke rikicewa, ko talatin da tamanin. Idan maganar awon maganin feshi ce ko farashin buhu, wannan rikicewa asara ce ta gaske. Daƙiƙa uku na maimaici ba su kai kilobayit 10 ba.

Mataki na 5: Matse fayil ɗin, sau ɗaya tak

Shirya kayan aikin ranar da ka shiga gari inda sabis ke da ƙarfi, domin saukar da su yana cin data. Bayan ka sa Termux, rubuta waɗannan, ɗaya bayan ɗaya:

```
termux-setup-storage
pkg install ffmpeg
cd ~/storage/downloads
```

Layin farko yana neman izinin shiga fayilolin wayarka, na biyu yana sauke ffmpeg, na uku yana kai ka jakar Download, inda za ka ajiye rikodin. Daga nan ba ka ƙara bukatar data. Canza wa rikodin suna zuwa gajere marar tazara, kamar `asali.m4a`, sannan ka rubuta:

```
ffmpeg -i asali.m4a -vn -ac 1 -af highpass=f=100 -c:a libopus -b:a 16k -application voip karami.ogg
```

Kowane yanki da aikinsa. `-vn` yana zubar da hoto idan asalin bidiyo ne. `-ac 1` yana mayar da sautin Mono. `highpass=f=100` yana rage gurnanin ƙasa-ƙasa irin na iska da motsin hannu, wanda ke cin kaso ba ya ƙara wa magana komai. `-b:a 16k` shi ne ma'aunin nauyi, `voip` kuma yana gaya wa Opus cewa magana ce, ya fifita fitar kalmomi.

Wane adadi za ka zaɓa? Ga mutum ɗaya a ɗaki mai shiru, 16 ne wurin farawa. Idan sabis ya yi muni ƙwarai kuma ɗaukar tana da tsabta, 12 zai yi. Idan mutane da yawa ne ke magana, ko akwai hayaniyar da ba a iya kauce mata ba, ko karatu ne da ake son kowane harafi ya fito daga mafitarsa, hau zuwa 24. Opus yana iya sauka har 6, amma a can murya takan toshe, kuma ba na ba kowa shawarar ya kai saƙon jama'a wurin.

Gargaɗi mafi girma a nan: kullum ka matse daga asali. Matse sauti kamar shanya tumatir ne, idan ya zama kauɗa ba ya komawa ɗanye. Abin da aka zubar ya tafi, kuma idan ka sake matse abin da aka riga aka matse, lalacewa ce ke hawa kan lalacewa. Idan 12 bai yi maka ba, koma kan asalin ka fitar da 16. Mayar da fayil mai 12 zuwa 64 nauyi kawai zai ƙara. Saboda haka kada ka goge asali sai saƙo ya isa kuma an ji shi.

Akwai hanyoyi huɗu da ba sa aiki, ko da yake ana ta gwada su. Canza ƙarshen sunan fayil daga `.wav` zuwa `.mp3` ba ya rage komai, suna kawai ya canza. Sa MP3 ko M4A cikin ZIP ba ya rage wani abin kirki, domin an riga an matse su. Shafukan sauya fayil na intanet sai ka fara ɗora musu babban fayil ɗin, wato ka kashe datar da kake gudun kashewa. Kunna sauti a wata waya a naɗa da makirfon wata kuma yana rage nauyi, amma yana kwaso amsa-kuwwar ɗaki da ƙarancin ingancin ƙaramar sifika.

Mataki na 6: Yi wa masu ƙananan wayoyi nasu kwafin

A ƙauye saƙo ba ya tsayawa a WhatsApp. Mutum ɗaya ya sauke, sai ya bi ta Bluetooth ko Xender ko katin memori zuwa wayoyi goma, wasu kuma a rediyo mai cin kati za su saurara. Yawancin waɗannan na'urori ba su san Opus ba, MP3 suka sani. Idan ka san saƙonka zai bi wannan hanya, fitar da kwafi na biyu daga asali:

```
ffmpeg -i asali.m4a -vn -ac 1 -ar 22050 -c:a libmp3lame -b:a 32k karami.mp3
```

Wannan kilobayit 240 ne a minti, ninki biyu na Opus, domin MP3 tsohon tsari ne da ba ya jure matsi sosai. Kada ka sauke shi zuwa 16, murya za ta riƙa ƙarar gwangwani. Idan fayil guda kawai za ka iya turawa kuma ba ka san irin wayoyin masu karɓa ba, wannan MP3 ɗin shi ne mafi aminci.

Mataki na 7: Gwada da kunnen wani

Kai da ka ɗauki maganar ka riga ka san abin da aka ce, don haka kunnenka zai cike maka duk gurbin da ya ɓace. Nemi wanda bai halarta ba, zai fi kyau dattijo, ka kunna masa kwafin MP3 ɗin a sifikar ƙaramar waya, a tsakar gida inda ake harkoki, ba da abin saƙalawa a kunne ba. Bayan ya ji, tambaye shi lambobin da sunayen da aka ambata. Idan ya kawo su daidai, saƙo ya yi.

Idan bai yi ba, irin lalacewar za ta nuna maka inda matsalar take. Murya mai rawa ko ƙarar ƙarfe tana nufin matsin ya yi yawa ko hayaniya ta yi yawa, sai ka ƙara adadin kbps. Murya mai fashewa duk lokacin da aka ɗaga ta tana nufin wayar ta yi kusa ko lasifika ta yi ƙarfi, kuma maganinta sake ɗauka. Murya mai nisa kamar daga rijiya tana nufin wayar ta yi nesa da baki a ɗaki mai amsawa, ita ma ƙarin kbps ba zai taimaka ba. Idan kuma komai ya fita sai dai sautin ya yi ƙasa, musanya `highpass=f=100` da `highpass=f=100,loudnorm` ka sake fitarwa daga asali.

Mataki na 8: Tura da dabara

Dogon saƙo gara a raba shi gida-gida, kowanne kamar minti uku, a sa musu lamba, kuma kowanne ya tsaya a ƙarshen zance. Ƙaramin fayil yakan samu ya wuce a ɗan lokacin da sabis ya dawo, kuma idan ɗaya ya maƙale shi kaɗai za a sake. Rubuta layi ɗaya a ƙasa mai faɗin abin da ke ciki da tsawonsa, don mai ƙarancin data ya san ko zai sauke. Tura da sassafe ko can cikin dare, lokacin da masu amfani da turken sabis suka ragu, kuma ka dakatar da sauran abubuwan da wayar ke saukewa a ɓoye. Kada ka yi ta sake tura saƙon da yake kan tafiya, domin kwafi biyu za su raba ɗan sabis ɗin da ake da shi.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauka sakataren wata ƙungiyar manoman masara a yankin Dambatta ya ɗauki bayanin malamin gona a kan tsutsar da ke cin zuciyar masara. Rikodin ya kai minti 12 a kan kbps 128. Minti 12 daƙiƙa 720 ne, don haka 128 sau 720 raba 8 ya ba da kilobayit 11,520, wato megabayit 11 da rabi. Mu ƙaddara sabis ɗin garin yana tura kbps 40. A haka fayil ɗin zai ɗauki minti 38, idan har bai yanke a hanya ba.

Sakataren ya saurara, ya ga ainihin bayanin ya fara ne a minti 1 da daƙiƙa 10, ya ƙare a minti 10 da daƙiƙa 10. Sai ya yanke ya matse a umarni guda:

```
ffmpeg -ss 00:01:10 -to 00:10:10 -i asali.m4a -ac 1 -c:a libopus -b:a 16k -application voip tsutsa.ogg
```

Yanzu minti 9 ne, daƙiƙa 540, kuma 16 sau 540 raba 8 ya ba da kilobayit 1,080. Nauyin zai iya ɗan sauka ko ya ɗan hau, domin Opus yana rage kaso a wuraren shiru. A sabis ɗin nan dai, turawa ba za ta kai minti 4 ba. Idan mutum 60 ne a ƙungiyar kuma kowa ya sauke, tsohon fayil zai ci wa jama'a kusan megabayit 690 a haɗe, sabon kuma kimanin 65.

Da ya kunna wa wani dattijo a sifikar waya, komai ya fita sai awon maganin da ake zubawa a tankin feshi, wanda malamin ya faɗa sau ɗaya daidai lokacin da akuya ta yi kuka. Hawa zuwa 24 ba zai cire kukan ba, domin yana cikin asali. Abin da ya dace shi ne sakataren ya tabbatar da awon daga bakin malamin, ya yi gajeren saƙon murya na daƙiƙa 20 yana maimaita shi sau biyu, ya kuma rubuta shi da lambobi a ƙasa. Daga nan ya fitar da kwafin MP3 mai kilobayit 2,160, ya bar shi a wayarsa don masu zuwa karɓa ta Bluetooth bayan sallar Magariba, ya kuma ajiye asalin har ƙarshen damina ko wani zai nema.